Hannun da Ya Taɓa Zuga-zugi

An ce wani sarki ya yi zamani a wata ƙasa daga ƙasashen dauri, kwarjininsa ya cika gabas da yamma, har maroƙa suna cewa Allah ya zuba masa abin da bai zuba wa kowa ba. Abin da aka zuba masa kuwa kuza ce, a ɗaki take, makullin yana rataye a wuyansa.

Ga yadda abin yake. A wancan zamani tagulla ce uwar makamai, ita kuwa tagulla haɗa ta ake yi. A narka jan gaci, wato jan ƙarfe, wanda in shi kaɗai ne laushi gare shi, ba ya riƙe kaifi, a jefa masa kuza kamar kashi ɗaya cikin goma, su zama ruwa tare, a tsiyaya cikin mazubi na dutse ko na yumɓu. In ta huce a fitar da takobi, a bubbuge bakinsa da sanyinsa har ya yi tauri. Jan gaci ana samunsa nan da can. Kuza kuwa sai daga wata ƙasa mai nisa, wadda falke kan tafi da saurayin jaki ya komo da tsoho. Duk ayarin da ya shigo, a ƙofar fada yake sauke kaya. Saboda haka takobi na sarki ne da wanda sarki ya so. Talaka yana noma da fartanyar itace, yana sara da gatarin dutse, in yaƙi ya zo ya ɗauki kulki ya tsaya can baya yana taya barade ihu. An yi ta yabon mutanen ƙasar da ladabi.

Sarkin nan yana da wani tsohon waziri, ana ce da shi Barmo. Shi ya yi renonsa tun yana maraya, shi ya fara ɗora shi a kan doki, shi ya riƙe masa hannu ya koya masa rubutu. A gaban jama'a sarki kan ce da shi Waziri, in sun kaɗaita ya ce Baba.

Ana nan, sai biranen da ke kan hanyar kuza suka tashi da yaƙi a tsakaninsu, ayari ya daina zuwa. Ɗakin kuza ya yi ta yin fili. Sarki ya sa aka narka karyayyun takuba aka sake zubawa, don tagulla tana da wannan kirki, tana yarda a maimaita ta. Da suka ƙare aka bi gida gida ana karɓar tasoshi da mundaye, da 'yan laujunan tagulla da manyan manoma suka gada. Barmo ya ce, "Ya sarki, wanda ya narka lauje ya yi takobi, da takobin zai je neman tuwo." Sarki ya ɗaure fuska kwana da kwanaki. Barmo ya ga haka, ya nemi izini ya koma ƙauyensu, Jan Tudu, ya ce gwiwa ta gaji. Sarki ya ba shi izini da sauri, don ya nuna bai damu ba, sa'an nan ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci.

Bayan wasu shekaru labari ya zo daga gabas, cewa wani sarki mai karusai da sulken tagulla ya faɗi, kuma manoma ne suka kayar da shi, kowa da kwari cike da kibau masu kan wani baƙin ƙarfe da ake dafawa daga dutse. Sunan dutsen tama. Sarki ya duba baradensa, ya tuna yawan manomansa, lissafin bai yi masa daɗi ba. Ya sa aka yi shela a kowace kasuwa: duk hannun da ya taɓa zuga-zugin dafa tama a ƙasarsa, a sare shi, ko na wane ne. Da kansa ya ƙara "ko na wane ne", don ya ji ta yi nauyi a baki.

Ba a daɗe ba sarkin dogarai ya zo ya faɗi, ya ce an ga hayaƙi a Jan Tudu, an kuma ga wanda ke zuga. Sarki ya ce wane ne. Sarkin dogarai ya duƙar da kai, ya ce, "Ranka ya daɗe, Waziri Barmo."

Sarki bai yarda ya aika kowa ba. Ya ce shi zai je da kansa, don a ga hukunci ba ya zaɓe. Abin da bai faɗa ba shi ne, yana fatan tsohon zai ji labari ya gudu.

Sarki da dogarai suka isa da rana tsaka, lokacin bazara, gajimare ya fara taruwa a gabas. A bayan gari, gindin wani tudu mai jajayen duwatsu, suka tarar da wani tanderu na yumɓu, tsayinsa ya kai ƙirjin mutum, wuta tana huci ta bakinsa. Tun da aka hango ƙurar dawakai mutanen da ke karɓa-karɓar zuga suka watse cikin daji, suka bar takalmansu. Mutum biyu kaɗai suka rage. Ɗaya wani baƙo ne ƙaƙƙarfa mai suna Tunau, mai dafa tamar, yana tsaye yana zuba gawayi ta sama. Ɗayan Barmo ne, zaune a ƙasa, da zuga-zugin fatar akuya guda biyu a gabansa, yana danna dama yana ɗaga hagu, iska tana bin bututun yumɓu zuwa cikin wuta. Gemunsa ya yi fari fat, in ban da inda toka ta gyara shi.

Ya ce, "Allah ya ja zamanin sarki. A gafarta mini rashin tashi. Wannan aiki in an tsaya gaisuwa, sai a kwana ana ta'aziyya."

Sarki ya sauka, ya ce, "Waziri, ba ka ji shela ba?"

"Na ji, ya sarki. An tsara ta da kyau. Na gane hannun ɗalibina a ciki."

"To, me ya hana ka gudu kamar sauran?"

"Gwiwa. Da kuma wannan." Ya nuna tanderu da haɓa. "Rani guda mutanen garin nan suka yi suna sare itatuwan ƙirya suna toya gawayi. Mata suka farfashe tama ƙanana kamar dabino, aka gasa ta, aka jera a ciki, gawayi, tama, gawayi, tama. Tun asuba ake hurawa. In iska ta tsaya, kashin tama da ke narkewa zai daskare ya toshe bututu, a fasa tanderu a tarar da dutse ya koma dutse. Ga ruwa ya kusa sauka, kuma fartanyun garin nan duk suna cikin cikin nan, ba a haife su ba tukuna."

Sarki ya ce, "Fartanyu. Haka na gabas ma suka ce, na tabbata."

"Haka suka ce, kuma da farko gaskiya suka faɗa."

Sarki ya so ya yi fushi, amma idonsa yana kan hannuwan tsohon, waɗanda suka fara gajiya. Ya kawar da kai, ya ce, "Bari in tambaye ka, tun da har yanzu bakinka bai gaji ba. Wa ya kawo wannan abu ƙasata, in sa a rufe ƙofar da ya bi?"

Barmo ya ce, "Ya sarki, mene ne ke tafiya ba jaki ba mangala, ya wuce mai karɓar fito bai ajiye komai ba?"

Sarki ya ce, "Annoba."

"Ko kuma sani. Sukan yi kama, ga wanda ke zaune a fada. Kuza a bayan jaki take zuwa, shi ya sa ka iya tsare ta a ƙofa. Wannan a cikin kan mutum yake zuwa. Tunau ya koya wurin kawunsa, kawun ya koya wurin wani bawa da aka kamo a yaƙi. In itatuwan wuri suka ƙare, masu dafa tama su yi gaba neman gawayi, inda suka sauka su yi aure, surukai su koya. Tamar kuwa ba a kawo ta ba, nan suka tarar da ita. Dubi tudun nan. Kakanninmu sun yi zamani suna tuntuɓe da ita suna zaginta."

Tunau ya leƙa wutar, ya daka tsawa: "Tsoho, iska! Harshen wuta yana ja, ya kamata ya yi shuɗi. Ka bar surutu!"

Barmo ya ƙara ƙarfi. Ya danna, ya danna, sai hannun hagu ya zame daga kan fata. Ya mayar, ya sake zamewa. Numfashinsa ya fi na zuga-zugin ƙara. Tunau ya dubi dogarai ya ce, "Kai, ku ƙattin nan, wani ya karɓe shi mana! Ba ku gani zai faɗi?" Dogarai suka ja da baya gaba ɗaya, kowa ya ɓoye hannuwansa cikin riga, don su suka yi shelar, sun san abin da ta ce.

Sarki ya dubi hannuwan nan. Ya ga tabon da doki ya yi wa babban yatsa ranar da tsohon ya tare masa harbi yana yaro. Ya tuna hannun nan ne ya dafa masa kai ranar da aka binne mahaifiyarsa, bai ɗauke ba har ya yi barci. Bai yi shawara da kowa ba, har da kansa. Ya tuɓe alkyabba, ya durƙusa, ya ce a hankali, "Matsa, Baba."

Barmo ya ce, "Ya sarki, ka san..."

"Na ce ka matsa."

Tsohon ya matsa ya jingina da dutse. Sarki ya kama zuga-zugi ya danna duka biyu a tare, da ƙarfin sarauta. Toka ta tashi ta rufe masa fuska.

Tunau ya ce, "Ba haka ba! Ɗaya bayan ɗaya, kamar mata biyu a turmi guda. Kai ba ka taɓa ganin daka ba?"

Sarki ya ce bai taɓa tsayawa ya duba ba. Tunau ya ce ai ga alama. Sarkin dogarai ya kai hannu ga takobi, sarki ya harare shi, ya mayar. Kaɗan kaɗan hannun ya faɗa, dama, hagu, dama, hagu, harshen wuta ya koma shuɗi. Can sai Tunau ya soka sanda a wata 'yar kafa a gindin tanderu, wani baƙin ruwa mai kauri ya kwararo yana tartsatsi.

Sarki ya ce, "Ga ƙarfen ya narke."

Barmo ya ce, "Kashinsa ne, ya sarki, dattin dutsen. Shi ƙarfen ba ya narkewa a wutar nan. Tagulla 'yar fada ce, in ta ji zafi sai ta zama ruwa ta bi duk siffar da aka ba ta. Wannan talaka ne. Gawayi yana janye masa abin da ya mai da shi dutse, shi kuwa ya dunƙule a ƙasa ya yi shiru. Ba ka samun komai daga gare shi sai ka zauna da shi."

Sarki ya yi ta zuga har gumi ya jiƙe rawani, tafin hannunsa ya yi bororo. Mutanen gari suka fara leƙowa daga bayan itatuwa. Da la'asar Tunau ya ce ya isa. Ya fasa gaban tanderu, ya sa awartaki ya jawo wani dunƙule ja wur, mai huji-huji kamar gidan gara, kashin tama yana ɗiga daga jikinsa. Sarki ya dube shi, ya ce, "Wannan ne ya kayar da mai karusai?"

Barmo ya ce, "Kai ma ranar da aka haife ka ba a ga alamar sarauta ba. Ina wurin."

Tunau ya ɗora dunƙulen a kan wani faffaɗan dutse ya hau shi da masaba, tartsatsi yana tashi. Barmo ya ce haka za a yi ta yi, a mayar wuta, a buga, a ninke, a sake bugawa, har dattin ya fita, abin da ya rage ya haɗe, kuma wajen rabinsa a ƙasa zai ƙare. Sarki ya ce a kawo masa wani abu da aka gama. Aka kawo wata wuƙa ta dahuwar da ta wuce. Ya zare takobinsa na tagulla, ya haɗa baki da baki ya sara. Bakin wuƙar ya lotsa, takobin ko gezau.

Sarki ya yi dariya, karo na farko a ranar. Ya ce, "Ka gani, Baba? Nawa ya fi."

"Naka ya fi, ya sarki, kuma ba ya tsatsa. Akwai dabarar da Tunau ke yi, ya bar ƙarfe ya daɗe cikin garwashi, ya tsoma shi a ruwa da zafinsa, sa'an nan ya ɗan ɗumama shi don kada ya fashe kamar kasko. In ta yi, yakan fi tagulla kaifi. Sau da yawa ba ta yi, shi ma bai san dalili ba, yakan ce matarsa ce ta yi masa baki. Amma bar shi a naka ya fi. Wa zai haifa maka wani?"

Sarki ya juya takobin a hannunsa, Barmo ya ci gaba.

"Takobinka ba shi da ƙane, uwarsa kuza tana bayan yaƙi. Wannan mummunan kuwa kowane tudu uwarsa ce. Je ka dubi gonar fadama can. Ƙasa ce mai nauyi, fartanyar itace ba ta taɓa shiga ba, tun kakanni ciyawa ke cinta. Bara aka shige ta da garmar ƙarfe, aka sare kurmin gefenta da gatarin da ba ya tsagewa. Bana ba wanda ya ci irin shukarsa a garin nan."

"Kibau fa?"

"Za su yi. Ba zan ruɗe ka ba, ban taɓa yi ba. Abin da ya isa fartanya guda ya isa kibau cike da kwari. Maƙwabtanka suna dafawa, in ka hana naka, wata rana za su zo da dubu, ka tare su da 'yan baradenka masu kyawun sulke. In ka bar naka, sai ka zauna da mutanen da ke iya ce maka a'a. Da kuza kana iya mulkin mutane ko suna so ko ba sa so. Wannan zamani ya wuce, ba ni na kore shi ba. Abin da ya rage maka shi ne su so ka. Na san aiki ne, amma na ga yau kana iya koyon aiki."

Nan sarkin dogarai, wanda mutum ne mai riƙon amana da ƙarancin dabara, ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, rana tana faɗuwa. Hukuncin fa? Shela ta ce ko na wane ne." Ya faɗi haka, sa'an nan idonsa ya sauka kan tafin hannun sarki, baƙi ƙirin da gawayi, ya yi fatan ƙasa ta tsage.

Barmo ya miƙa hannunsa na dama a kan dutsen da ake bugun ƙarfe. Ya ce, "A fara da wannan, ya ci zamaninsa. Roƙona ɗaya, a bar na yaron nan. Na sha wahala kafin ya iya riƙe alƙalami."

Sarki ya durƙusa, ya ɗauke hannun daga kan dutsen, ya riƙe shi cikin nasa biyu. Dogarai kuwa suka ga ya dace su duba gajimare. Da ya ɗago ya ce, "Na yi doka don hannun da ban sani ba, sai ta faɗa kan wanda ya rene ni. Kowane hannu da ke cikin dajin can ya reni wani. Ku kira su su fito su ɗauki takalmansu."

Ya soke shelar a wurin. Ya sa sharaɗi guda, wanda Barmo ya raɗa masa: kada a sare ƙirya a bakin rafi, kuma inda aka sare bana a bar shi ya huta, don wutar tama cin daji take kamar fara. Ya roƙi tsohon ya komo fada. Barmo ya ce gwiwa ba ta yarda ba. Saboda haka sarki ne ya riƙa zuwa Jan Tudu kowace bazara, yana cewa duba ƙasa yake yi.

Daga baya, in ana shari'a a gabansa, an sha jin yana cewa: "Adalci ba tagulla ba ne, da za a zuba sau ɗaya a rataye. Baƙin ƙarfe ne: sai an buga kullum, kuma ranar da aka ajiye shi yake fara tsatsa."

Fartanyun da aka ƙera daga dunƙulen ranar nan sun cinye a gona tun tuni, ba wanda ya san inda guntunsu yake. Takobin sarki kuwa an ce yana nan, bakinsa lafiya lau. Ba a sake samun abin da za a yi da shi ba.